Jiƙon Zafi da Dahuwa: Wane Sashen Tsiro Ake Jiƙawa, Wanne Ake Dafawa?

Tunda an gama karɓar zubin mako an kulle akwati, sai mu shiga darasinmu na yau.

Maganar yau a kan abin da kowace ɗayanmu take yi ne a gidanta, wato haɗa ruwa da tsiro. Wata don shayi take yi, wata don soɓon sayarwa, wata kuma don maganin da ta gada wajen kakarta. Hanyoyin da aka fi bi guda biyu ne, kuma ina so kafin mu tashi kowa ta iya raba su, ta san dalilin kowace.

Hanya ta farko ita ce ki tafasa ruwa shi kaɗai, ki sauke, ki zuba a kan tsiron, ki rufe, ki bar shi ya jiƙa. Tsiron bai hau wuta ba sam. Wannan zan riƙa ce masa jiƙon zafi, don mu raba shi da jiƙon ruwan sanyi da muka saba. Hanya ta biyu ita ce ki sa tsiron cikin ruwan sanyi a tukunya, ki ɗora a wuta, su tafasa tare, ki rage wuta ya ci gaba da dahuwa a hankali. Wannan ita ce dahuwa.

To me zai gaya miki wadda za ki bi? Ba sunan ciwon ba ne, ba kuma sunan itacen ba. Sashen tsiron da ke hannunki shi ne zai gaya miki. Abu mai laushi a jiƙa shi, abu mai tauri a dafa shi. In kin manta duk abin da na faɗa yau, ki riƙe wannan.

Dalilin da ya sa haka

Ai kun riga kun san wannan a wajen miya. Wace ce a cikinmu take zuba ganda da alayyafo lokaci guda? Ganda ake fara ɗorawa ta sha wuta, alayyafo kuwa sai an kusa saukewa. In kika haɗa su tun farko, ko dai alayyafon ya narke ya yi baƙi, ko gandar ta fito ba ta taunuwa. Tsiron magani da na sha ma haka yake.

Ganye da fure suna da fata siririya. Da ruwan zafi ya taɓa su sai ƙofofinsu su buɗe, abin da ke ciki ya fito cikin 'yan mintoci. Kuma yawancin abin da muke nema a cikinsu ba ya son doguwar wuta. Ku ɗauki na'ana'a ko ɗoɗɗoya. Ƙamshin nan da kuke ji wani ɗan mai ne marar nauyi da ke cikin ganyen, kuma da ya ji zafi sai ya bi tururi ya tashi. Shi ya sa in maƙwabciyarki tana tafasa na'ana'a kike jin ƙamshin daga gidanki. Ƙamshin da ya iso hancinki ya riga ya bar tukunyarta, ba zai shiga kofinta ba. Haka ma sinadarin bitamin C da ke cikin ɗanyen ganye, doguwar tafasa tana lalata shi.

Sassaƙe da saiwa kuwa itace ne. Jikinsu a matse yake, ga shi yawanci a bushe suke zuwa mana. In kika zuba musu ruwan zafi na minti goma, bayansu kawai ruwan zai lasa. Za ki ga ya ɗan sauya launi ki ɗauka ya yi, alhali abin yana nan a kulle a ciki. Sai sun daɗe a kan wuta jikinsu ke saki. Kuma abin da ke cikinsu, irin ɗacin maɗaci da baurin marke, yawanci yana jure zafi.

Saboda haka kuskuren iri biyu ne. Mai dafa ganye mai laushi tana korar amfaninsa da hannunta, ta kuma ƙona itacenta a banza. Mai jiƙa sassaƙe na ɗan lokaci tana shan ruwa mai launi, ta zubar da abin da ta saya da kuɗinta.

Wane sashe ke bin wace hanya

Na jiƙon zafi su ne ganye mai laushi da fure da duk abin da ƙamshinsa ake nema: na'ana'a, ɗoɗɗoya, ganyen zogale, ganyen shayi, da soɓo, wanda Kanawa ke cewa zoɓo. Abin nan ja da muke saya a kasuwa ba ganyen yakuwa ba ne, rigar da ke rufe kwanson irinta ce, kuma tana da laushi irin na fure.

Na dahuwa su ne sassaƙe, saiwa, reshe, busasshen kwanso da iri mai tauri: sassaƙen marke, maɗaci, hano da kalgo, kwanson bagaruwa, busasshiyar citta, da hulba.

Akwai 'yan tsakiya guda biyu da ya kamata ku sani, don kada ku ce na ba ku ƙa'idar da ba ta aiki.

Na farko, ganye mai kauri, irin na mangwaro da gwaba da sabara. Ki murza shi a yatsa ki ji. Ganye ne, amma jikinsa kamar fata yake. Irin wannan jiƙo kaɗai ba ya isar sa sosai, doguwar dahuwa kuma ta yi masa yawa. A yayyanka shi, a ba shi gajeriyar tafasa ta minti 5 zuwa 10 a rufe, a sauke.

Na biyu, abu mai tauri amma mai ƙamshi, irin kanumfari da masoro da kimba. Taurinsu yana neman wuta, ƙamshinsu kuma yana gudun ta. Maganin wannan turmi ne. Ki ɗan farfasa su, to kin yi aikin da wuta za ta yi, sai ki jiƙa su a ruwan zafi a rufe. Citta ma tana da ƙamshi, shi ya sa dahuwarta ba ta kai ta sassaƙe ba, kuma ba a barin ta a buɗe.

In kika haɗu da abin da ba ki san rukuninsa ba, ki yi masa gwaji biyu. Ki murza: in ya murƙushe ko ya yage a yatsa, na jiƙo ne, in sai da wuƙa ko taɓarya, na dahuwa ne. Sannan ki sansana: in yana da ƙamshi mai tashi, ki rage masa wuta, ki rufe shi. Wannan gwajin hanya kawai yake nuna miki, ba ya nuna cewa tsiron lafiya ne a sha. Tsiron da ba ki sani ba, kada ki sha shi ta kowace hanya.

Yadda ake jiƙon zafi

Ma'aunin da zan riƙa amfani da shi shi ne ledar fiya wata, don kowa ta san girmanta. Leda guda rabin lita ce, wato kofin shayi biyu matsakaita. Ba na ce sai kin sayi fiya wata ba. Ki juye leda guda a kwano sau ɗaya, ki ga inda ta tsaya, ki sa alama, shi ke nan kin sami ma'auni.

Ga leda guda ta ruwa, busasshen ganye irin na sha, kamar na'ana'a ko zogale, cokalin shayi biyu zuwa uku ya isa. In ɗanye ne sai ki ninka sau biyu ko uku, domin yawancin nauyin ɗanyen ganye ruwa ne.

Ki tafasa ruwan har ya yi ɓararraka na kamar minti ɗaya. Ki sa ganyen a kwano mai murfi, ki zuba ruwan a kai, ki rufe nan take. Ki duba agogon waya, minti 10 zuwa 15. In kin ɗaga murfin za ki ga ɗigon ruwa a jikinsa. Kada ki yarfar da shi a ƙasa, ki karkaɗe shi cikin kwanon, domin ƙamshin da ya so gudu yana cikinsa. Sai ki tace da rariya ko ƙyalle mai tsabta.

Yaya za ki gane ya yi? Ruwan zai yi garau, launinsa mai haske, ƙamshin ganyen yana nan kamar yadda kika san shi. In ya fito fari ba ɗanɗano, ruwan bai yi zafi ba ko kin yi gaggawa. In ya yi duhu, yana ɗaure baki, ƙamshin ya koma na dafaffen ganye, to ya daɗe ko ya hau wuta.

Bari in ƙara magana ɗaya a kan zogale, don na san muna ji da shi a nan Zamfara. Jiƙo abin da ke narkewa a ruwa kawai yake fitarwa. Yawancin abin gina jiki da na ƙarin jini da ke cikin zogale yana zama a jikin ganyen. Wadda take son jikinta ya amfana, ta ci ganyen kansa, a kwaɗo ko a miya ko a dambu. Shayin zogale abin sha ne mai kyau, amma ba zai tsaya a madadin cin sa ba.

Yadda ake dahuwa

Da farko ki duba abin da kika sayo. Yanzu da shiga daji ya yi wuya a yankunanmu, yawancinmu a kasuwa muke saye, kuma sassaƙen da ya daɗe a buhu yana iya yin fumfuna. In kin ga fari-fari ko kore-kore kamar auduga, ko kika ji warin danshi, ki zubar. Tafasa tana kashe ƙwayar cuta, amma gubar da fumfuna ke bari ba ta mutuwa da wutar murhu.

Ki wanke shi sosai ki fitar da ƙasa. Ki sassare ko ki daddaka shi ƙanana, kamar girman ƙwayar gyaɗa. Babban gunduma cikinsa ba ya dahuwa ko an kwana ana hura wuta. In ya bushe ƙayau, ki jiƙa shi a cikin ruwan da za ki dafa shi na rabin awa tukuna, zai rage miki cin itace.

Ki fara da ruwan sanyi, ba tafasasshe ba, don zafin ya ratsa shi sannu a hankali. Da ya tafasa, ki janye itace, ki bar wuta kaɗan, yadda ruwan zai riƙa motsi ba tare da yana tsalle ba. Ki rufe, ki bar 'yar kafa. Minti 20 zuwa 30 ya ishi yawancin sassaƙe da saiwa. Ki tace tun yana da zafi.

Ƙa'idar da masu wannan aiki suka fi bi ita ce ruwa uku ya koma biyu. Kin zuba leda uku, ki sauke in ya koma leda biyu. Ki tsoma tsinke mai tsabta tun farko ki yi alamar inda ruwan ya tsaya, don ki gane.

Yanzu ku saurara da kyau, don nan ne haɗarin dahuwa yake. Ruwa yana ƙonewa, amma abin da ya fito daga sassaƙen ba ya bin tururi, yana nan a tukunya. A ce jiya kin dafa sassaƙe da leda uku ya koma biyu. Yau kin sa daidai wannan sassaƙen, daidai wannan ruwan, sai baƙuwa ta shigo, hira ta yi daɗi, kika dawo kika tarar saura leda ɗaya. To kowane kofi na yau ya ninka na jiya ƙarfi. In saura rabin leda ne, ya ninka sau huɗu. Mai sha zai ce ai kofi guda na sha kamar kullum, alhali na kwana huɗu ya sha a zama ɗaya. Abin da ya yi ƙarfi haka yana iya kawo amai da murɗar ciki, kuma hanta da ƙoda su ke ɗaukar nauyinsa. Alamarsa, ya yi baƙi ƙirin, ya yi kauri, ɗacin ya wuce wanda aka sani. Maganar da ake yi cewa ɗaci shi ne magani ba ma'auni ba ce.

Ku lura ban ba ku yawan sassaƙen da za a sa ba, kamar yadda na ba ku na ganyen shayi. Da gangan ne. Ƙarfin maɗaci daban, na marke daban, ko itace iri ɗaya ma ƙarfinsa yana bambanta da shekarunsa da lokacin da aka sassaƙe shi. Hanyar haɗawa nake koya muku, ba yawan abin da za a bai wa marar lafiya ba.

Sai maganar bauri, abin nan da ke ɗaure baki. Yana da yawa a bagaruwa da marke, kuma shi ne majema suke nema a bagaruwa don jimar fata. In ya haɗu da ƙarfe mai tsatsa sai ruwan ya yi baƙi kamar tawada, saboda haka kada a dafa irin waɗannan a tukunya mai tsatsa ko gwangwani. Haka kuma bauri yana kama sinadarin ƙarin jini da ke cikin abinci, ya hana jiki ɗaukar sa. Ko ganyen shayin kanti yana da shi. Wadda asibiti ta ce jininta ya yi ƙasa, ta raba shan irin waɗannan da lokacin cin abinci da lokacin haɗiyar ƙwayar ƙarin jini, da kamar awa ɗaya zuwa biyu.

Mu gwada da soɓon sayarwa

Tunda da yawanku da rancen akwati kuka kama sana'ar soɓo, bari mu bi shi daki-daki. A cikinsa akwai mai tauri, akwai mai laushi, akwai mai ƙamshi, saboda haka hanyoyin biyu duk za su shigo.

A ce muna son gora goma ta rabin lita, wato lita biyar. Za mu fara da ruwa leda 12, domin wuta za ta ci kaɗan, soɓon ma zai sha kaɗan. Kayan haɗi: busasshen soɓo gwangwanin madara shida zuwa takwas gwargwadon kyansa, busasshiyar citta yatsa biyar, kanumfari cokalin shayi ɗaya, na'ana'a ɗan damƙi in ana so.

Citta ita ce mai tauri, ita za ta hau wuta. A daddaka ta, a zuba cikin ruwan tun yana sanyi, a ɗora. In ya tafasa a rage wuta, a rufe, minti 15. Da jifa ɗaya kin dafa cittar, kin kuma tafasa duk ruwan da mutane za su sha.

Kafin nan kin ɗauraye soɓon da sauri don fitar da yashi. Da sauri na ce, don in ya zauna a ruwan wanki jan zai fara fita a can. Ki zuba shi a babbar samira wadda ba ta ɓare ba, tare da farfasasshen kanumfari da na'ana'a. Ki juye ruwan cittar a kai yana tururi, ki rufe, minti 20 zuwa 30. Ki tace. In kina ganin akwai sauran ja a jikinsa, ki ƙara masa tafasasshen ruwa leda biyu, ki sake jiƙawa, ki haɗa da na farko. Sukari a sa tun da ɗumi don ya narke. Gorunan kuma a wanke su da sabulu, a ɗauraye da ruwa mai tsabta.

Yanzu mu kwatanta da wadda ta zuba komai a tukunya ta bar shi a buɗe yana ɓararraka awa guda. Jan soɓo ba ya son doguwar wuta, sai ya dusashe ya karkata zuwa ruwan ƙasa. Ƙamshin kanumfari da na'ana'a ya tafi. Itacen da ta ƙona ya ninka naki. Ruwanta kuma ya ƙone sosai, leda 12 ta iya komawa takwas. To me za ta yi don gora goma ta cika? Sai ta tsarma da ruwan randa wanda bai ga wuta ba. Nan ne ciwon ciki ke shiga, musamman da damina lokacin amai da gudawa. Yaro ɗaya ya sha soɓonki ya kwanta, labari ya zaga gari, ciniki ya tsaya, ranar biyan rance kuma ba ta jira. In har za ki tsarma, da tafasasshen ruwa za ki tsarma.

Wata ta tambaye ni a kan kanwa da ake sawa don kashe tsami. Kanwa tana kashe tsamin, amma tana mayar da jan ya yi duhu, kuma tsamin nan yana cikin abin da ke taimaka wa soɓo ya jima bai lalace ba. In ya yi miki tsami, rage yawan soɓon ya fi. Ku kuma sani soɓo yana ɗan sauke hawan jini, don haka mai shan maganin hawan jini ta gaya wa ma'aikacin lafiya in tana yawan shan sa.

Tukunya, turmi da ruwa a ƙasarmu

Akwai dalili na biyu da ya sa na ce a jiƙa soɓo a samira maimakon tukunyar da ke kan wuta, kuma mu mutanen Anka da Bukkuyum ba mu buƙatar a yi mana dogon bayani. A 2010 aka gano gubar dalma a garuruwanmu, Dareta, Abare, Sunke da Tungar Daji a Anka, 'Yargalma da Tungar Guru a Bukkuyum, sannan Bagega, wadda sai a 2013 aka kwashe gurɓatacciyar ƙasarta. An ƙiyasta yara wajen 400 ne suka rasu, kuma ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi shekaru tana jinyar waɗanda suka rayu. Gubar ta shigo gidaje ne ta ƙurar dutsen zinare da ake dakawa da niƙawa a tsakar gida.

Abin da ya haɗa wannan da darasinmu shi ne: wuta ba ta kashe dalma. Ba ƙwayar cuta ba ce, ƙarfe ce. Kuma kun tuna abin da na ce, ruwa yana ƙonewa, abin da ke ciki ya zauna. In akwai dalma a ruwan ko a jikin saiwar, dahuwa tattara ta take yi. Saboda haka turmin da ya taɓa dakan dutse ba na citta ba ne, ba na sassaƙe ba ne, har abada. Buhun da ya ɗauki dutse ba a shanya a kansa. Saiwar da aka tono kusa da inda ake wanke zinare ba a amfani da ita, haka ma ruwan kududdufin wurin. Dalma ba ta da wari ko ɗanɗano, ba za ki gane ta da baki ba, sai dai ki kiyaye inda kayanki suka fito. Mutanen Gummi, ku ma da ku nake, don kayan kasuwa ba su san iyakar ƙaramar hukuma ba.

Haka nan tukwanen nan na zubi da ake yi da narkakkun tsofaffin ƙarafa. An gwada irinsu a ƙasar Kamaru, aka tarar wasunsu suna sakin dalma in an tafasa ruwa mai tsami a ciki. Soɓo da tsamiya masu tsami ne. Gwargwadon daɗewarsu a irin wannan tukunya a kan wuta, gwargwadon abin da za su iya ɗebowa daga jikinta. Jiƙon zafi a samira mai lafiya yana raba ki da wannan.

Jiƙon sanyi da ajiya

Jiƙon sanyi da muka gada yana da wurinsa, kamar na tsamiya da garin 'ya'yan kuka, masu sakin jiki ba tare da wuta ba. Amma tunda ba a tafasa shi, duk abin da ke cikin ruwan yana nan da ransa. A yi shi da ruwan da aka tafasa ya huce, a rufe.

Ajiya kuma, littattafan ƙasashen sanyi sukan ce jiƙo ya kai kwana ɗaya, dahuwa kwana biyu a firiji. Mu da zafin bazararmu, ba firiji, ƙa'idarmu ita ce na yau na yau ne. Tulun jiƙon da ake ajiyewa a bayan ɗaki ana ƙara masa ruwa har sati, wannan ya zama gidan ƙwayar cuta. In kin ga kumfa a sama, ko yauƙi, ko tsamin da ba na asali ba, ko ya yi gurɓi bayan da yana garau, ki zubar ba tare da kin ɗanɗana wa yaro ba.

Inda tukunya take tsayawa

Iya haɗawa ba ya mayar da tsiro maganin komai. Jaririn da bai kai wata shida ba, nonon uwa kawai, ba jiƙo, ba dauri, ko ruwa ba ya buƙata. Mai ciki ta nisanci dahuwar sassaƙe da saiwa, da masu sa gudawa irin filasko. Zazzaɓi a yi gwajin jini na maleriya a ranar, musamman ga yaro. Gudawa a fara da ruwan gishiri da sukari na ORS da ƙwayar zinki. Yaron da ke jijjiga, ko ya kasa shan nono, ko yake amai da duk abin da aka ba shi, ko barci ya rinjaye shi ba ya farkawa, asibiti ne kai tsaye, kuma kada a ɗura masa komai a baki. In kun je, ku faɗa wa ma'aikacin lafiya abin da aka sha, wane sashe ne, jiƙo ne ko dahuwa, kuma nawa. Yanzu kun san yadda za ku amsa wannan tambayar.

Aikin mako mai zuwa: kowane rukuni ya zo da soɓo gwangwani biyu, da kwano mai murfi, da tsinken awo. Za mu raba shi biyu, ɗaya mu jiƙa minti 25 a rufe, ɗaya mu tafasa a buɗe, mu auna ruwan da ya rage a kowanne, mu ɗaga su a hasken rana mu duba launi, mu ƙirga itacen da kowanne ya ci. Magatakarda ta rubuta sakamakon a bayan littafin zubi. Wadda take da wani ganye ko sassaƙe da take shakkar rukuninsa, ta zo da shi mu murza tare.